Jan kala na hawa kan kayan da ba su ƙare ba tun da na yi sotin, ku taimaka

Sani_Singa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin Excel ku duba min wannan. Ina riƙe da lissafin sito na kayan masarufi a nan Kasuwar Singa, kolum A lambar kaya, B suna, C abin da ya shigo, D abin da ya fita, E abin da ya saura. Wani ƙanina ne ya saita min tun bara yadda duk kayan da suka kusa ƙarewa layinsu zai koma ja, kuma lafiya lau yake aiki har jiya da na ce bari in jera sunayen daga A zuwa Z don in riƙa samun kaya da wuri. Ina gama danna Sort komai ya rikice. Shinkafa akwai buhu 22 amma ta yi ja, sukari buhu 26 shi ma ja, ga ashana katan 14 kacal ya rage wanda ya kamata ya yi ja amma fari tas. Abin da ya fi ɗaure min kai wasu kuma daidai suke, taliya da madara babu matsala. Ƙanin nawa yana makaranta ba ya ɗaukar waya, kuma gobe da safe Alhaji zai karɓi jerin abin da za a yi oda.

UmmuKhalil:
Wa alaikumus salam. Kafin komai ka yi Save As da wani suna daban, kar ka ci gaba da taɓa na asalin.

dan_bichi22:
Bairos ne wannan malam. Nawa ma ya taɓa yi min haka, sai da aka yi wa laftof ɗin fomatin.

Malam_Habu_Akawu:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Ba bairos ba ne, kar ka yi wa kwamfutarka komai. Bi wannan hanyar: Home, sai Conditional Formatting, sai Manage Rules. A saman akwatin da zai buɗe akwai inda aka rubuta Show formatting rules for, za ka tarar da shi a kan Current Selection, ka mayar da shi This Worksheet, in ba haka ba dokar gidan da ka tsaya a kai kaɗai zai nuna maka. Sai ka kwafo mana duk abin da ka gani, fomular kowace doka da abin da ke ƙarƙashin Applies to ɗinta. Kuma ka faɗa mana, buhu da katan iyakarsu ɗaya ce ko daban?

Sani_Singa:
Daban ne Malam. Kayan buhu in sun gaza 10 muke oda, kayan katan kuma in sun gaza 30. Na buɗe wurin, ni na zata doka ɗaya zan gani ashe har guda tara ne. Ga manyan ciki:

```
=$E2<10     =$A$2:$E$39
=$E40<30    =$A$40:$E$95,$A$97:$E$147
=$E96<10    =$A$96:$E$96
```

Sauran shidan ƙanana ne irin na ukun nan, layi ɗaya ɗaya, wasu ma sun hau kan juna.

Malam_Habu_Akawu:
To alhamdu lillahi, ga matsalar nan a fili. Ƙaninka ya tarar kayan buhu suna sama, kayan katan suna ƙasa, sai ya yi doka biyu: daga layi na 2 zuwa ƙarshen buhuna duk abin da ya gaza 10 ya yi ja, daga nan zuwa ƙasa duk abin da ya gaza 30. Dokar ba ta san shinkafa ba, ba ta san ashana ba, lambar layi kawai ta sani. Kamar rumfa ce a kasuwa, in mai rumfar ya tashi wani ya zauna, rumfar ba ta bin wanda ya tashi. Da ka yi sotin kayan ne suka canza wuri, dokokin suna nan inda aka kafa su.

Duba ashana. Da harafin A ta fara, don haka ta hau can sama, ta faɗa yankin dokar 10. Katan 14 bai gaza 10 ba, shi ya sa ta zauna fari. Shinkafa da sukari harafin S ne, sun gangara ƙasa cikin yankin dokar 30, kuma 22 da 26 duk sun gaza 30, sai suka yi ja. Taliya da madara da ka ce suna daidai, ai da ma kayan katan ne kuma sotin ɗin ya sake ajiye su a yankin katan, sa'a ce kawai. In kana so ka tabbatar, duba kayan buhun da suka yi ja bisa kuskure, za ka ga dukkansu abin da ya saura tsakanin 10 ne da 29, kuma duk suna ƙasa da layi na 39.

Sani_Singa:
Wallahi haka ne, na duba. Semobita buhu 18 shi ma ja, gishiri buhu 12 ja. Allah ya ƙara basira Malam. To yanzu in mayar da shi yadda yake ke nan in haƙura da sotin?

Fati_Maradi:
In kana gaggawar jerin gobe, ka yi sotin da kolum A, in dai lambobin kayan a jere aka ba su tun farko zai koma kusan yadda yake. Ka fitar da jerin Alhaji tukuna, gyaran sai ka yi shi a natse a kan kwafin da UmmuKhalil ta ce.

Kb_Tech:
Ni dai a sanina in ka yi sotin kala tana bin kayan ne. Ina da shafin bashi da nake shafa wa waɗanda suka biya kore, kuma kullum ina sotin, koren yana bin sunan mutum bai taɓa kuskure ba. Ina ga alamar dala ce ta yi yawa, ya cire duk $ ɗin nan zai gyaru.

UmmuKhalil:
@Kb_Tech koren naka da hannu kake shafawa da bokitin fentin nan ko? Wannan kam yana bin kaya in an yi sotin, gaskiyarka. Amma na Conditional Formatting ba ya bi, sai dai ya sake duba abin da ya sauka a layin. Batun dala kuwa don Allah kar ya cire. `$E2` daidai yake, dalar tana gaban E ne don duk gidajen layin daga A zuwa E su kalli kolum E. In ya cire, gidan A zai kalli E, gidan B ya kalli F, C ya kalli G, sai ka ga gida ɗaya ja na kusa da shi fari. Wanda ke ɓata aiki shi ne `$E$2` mai dala biyu, wannan duk shafin layi na 2 kaɗai zai riƙa kallo, ko duka su yi ja ko duka su yi fari.

Kb_Tech:
Eh da hannu nake yi. To na gane, abu biyu ne ashe.

Sani_Singa:
To waɗannan ƙananan dokokin fa, wa ya saka su? Ni ban taɓa shiga wurin nan ba sai yau, yaron da ke shigar min da kaya ma bai san da shi ba.

Malam_Habu_Akawu:
Ba sai an shiga wurin ba. Ɗauki ta layi na 96. Wani ya so ƙara kaya, sai ya kwafi layi ɗaya daga sama cikin buhuna ya liƙa a 96 ya canza suna da adadi. Kwafi da liƙawa na yau da kullum ba rubutu kaɗai yake ɗaukowa ba, har da dokar kalar gidan da aka kwafa. Shi ya sa ka ga dokar 30 ta tsage biyu, ta tsaya a 95 ta ci gaba daga 97, dokar 10 ta zauna a tsakiya. Tun ranar da aka yi hakan layin nan yake ba ka amsar da ba daidai ba, in dai kayan katan ne a ciki, ba ka lura ba ne kawai don layi ɗaya ne cikin ɗari da wani abu.

Ina kuma da tambaya, buhunan naka iri nawa ne? Don na ga dokar 10 ta kai har 39.

Sani_Singa:
Iri 37 ne, daga 2 zuwa 38 ke nan. Na tuna, watan jiya na yi Insert a ƙarshen buhuna na saka tumatirin gwangwani don in ya zama shi ne farkon katan.

Malam_Habu_Akawu:
Shi ne. Sabon layi in ka cusa shi, kamannin layin da ke samansa yake ɗauka, har da dokar. Tumatirin naka katan ne amma dokar buhu ya gada, sai ya gaza 10 zai yi ja maimakon 30. Akwai ɗan burushi da ke fitowa a gefe bayan ka yi Insert, a ciki akwai Format Same As Above da Format Same As Below, da ka zaɓi na biyun da ya bi katan. Haka nan in ka cusa layi daidai ƙarƙashin kan shafi, a layi na 2, kamannin kan shafin zai ɗauka, sai ya zauna babu dokar komai a kansa, ko kayan sun ƙare ƙaf ba zai yi ja ba.

Sani_Singa:
Inna lillahi. Ashe shi ya sa tumatir ya yanke mana ana gab da azumi ban ga ja ba, har Alhaji ya yi ta faɗa yana cewa ba na duba sito.

Hajiya_Turare:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ma tawa matsalar kala ce, in na buga takardar a firinta jan yana fitowa baƙi ƙirin ba a iya karanta sunan kayan. Ko akwai yadda za a yi?

Fati_Maradi:
Hajiya naki daban ne, firintar baƙi da fari ce. Ki canza jan zuwa mai haske sosai, ko ki bar gidan fari ki sa rubutun ya yi kauri. A Manage Rules ɗin nan dai, Edit Rule sai Format.

Hajiya_Turare:
Na gode 'yar uwa, Allah ya bar zumunci.

Nura_Kwamfuta:
Maganar gaskiya gyaran ba shi da wahala, a daina saka 10 da 30 a cikin doka. Ka buɗe kolum F ka sa masa suna Iyaka, kowane kaya ka rubuta nasa adadin a gabansa, shinkafa 10, ashana 30, har ma kana iya ba wa sukari 20 tunda ya fi gudu. Sai Clear Rules, Clear Rules from Entire Sheet, duk taran su tafi. Sai ka zaɓi kolum ɗin ka yi New Rule, Use a formula to determine which cells to format, ka rubuta

```
=$E2<=$F2
```

Tunda iyakar tana kan layi ɗaya da kayan, duk inda sotin ya kai su tare za su tafi. Shi ke nan.

Sani_Singa:
Na yi yadda ka ce Malam Nura, amma yanzu abin ya fi na da. Kan shafin da kansa, inda aka rubuta Lamba, Suna, Shigowa, shi ne ya yi ja, ashana da ke ƙarƙashinsa tana nan fari. Kuma daga layi na 147 zuwa ƙasa har iya inda na gangara duk ja ne zur, alhali babu komai a ciki, na 147 ma zuma ce kuma akwai ta da yawa.

Nura_Kwamfuta:
Ikon Allah. Fomular dai daidai take, a wurina tana aiki. Ko ka rufe ka sake buɗewa.

UmmuKhalil:
Ba rufewa ba ce. Malam Sani me Applies to ya nuna? Ina zaton `=$A:$F` ne, wato harufan sama ka danna ka zaɓi kolum ɗin gaba ɗaya.

Sani_Singa:
Haka yake Hajiya, `=$A:$F`.

UmmuKhalil:
To ka ga, zaɓinka daga layi na 1 ya fara, fomula kuma ta ce 2. Excel ya fahimci cewa kana nufin kowane layi ya kalli wanda ke ƙarƙashinsa. Layi na 1 ya kalli na 2, ya ga ashana 14 ba ta kai 30 ba, sai shi ya yi ja. Ashana kuma ta kalli na 3. Duk shafin ya goce da layi ɗaya, in ka duba za ka ga kowane ja yana saman kayan da ya kamata ya hau. Lambar da ke cikin fomula dole ta zama ita ce lambar layin farko na Applies to. Ni duk lokacin da na ga kala ta goce, wannan nake fara dubawa, lambobi biyun nan sun yi daidai ko a'a.

Jan da ke ƙasa kuma wani abu ne daban. Gidan da babu komai a ciki Excel yana ɗaukarsa daidai da wani gidan da babu komai, to `<=` ya haɗa da daidai, sai amsa ta zama gaskiya. Zumar ma don tana kallon layi na 148 ne wanda babu komai.

Malam_Habu_Akawu:
UmmuKhalil ta gama magana. Shawarar Nura ta kolum F ita ce gyaran, saura a ɗaure ta da kyau. Goge wannan dokar. Danna gidan A2 tukuna, sai ka je ɗan akwatin da ke hagun wurin rubuta fomula, inda yake nuna A2, ka rubuta `A2:F1000` ka danna Enter. Sai New Rule ka saka wannan:

```
=AND($B2<>"",$E2<=$F2)
```

Kashin farko yana cewa sai in akwai suna a B, don layukan da babu kaya su zauna fari. Bayan ka danna OK ka koma Manage Rules ka tabbata fomula tana cewa 2, Applies to kuma `=$A$2:$F$1000`.

Na ce ka fara daga A2 ne saboda Excel yana auna fomular daga gidan da ka fara dannawa. Wasu sukan fara ja daga ƙasa zuwa sama, misali daga layi na 200 su hau zuwa 2, su rubuta `$E2`. In ka buɗe dokar daga baya sai ka ga ta koma wani abu kamar `$E1048380`, saboda shafin Excel layi 1,048,576 ne kuma lissafin ya zagayo ta ƙarshensa. Duk wanda ya ga lamba mai miliyan a cikin dokarsa, to abin da ya faru ke nan.

Nura_Kwamfuta:
Gaskiya ne, nawa daga A2 na zaɓa shi ya sa ban ga matsalar ba.

Sani_Singa:
Alhamdu lillah ya zauna! Ashana ja, tumatir ja, shinkafa da sukari fari. Na yi sotin da suna, na yi da abin da ya saura, na koma lamba, duk jan yana bin kayansa. Saura biyu. Man gyaɗa akwai jarka 60 amma ja ne, iyakarsa 5 ce kawai. Sai kuma sabulu da yake ruwan ɗorawa, ni kuma ban saka ruwan ɗorawa a ko'ina ba.

Fati_Maradi:
Sabulun da hannu aka shafa masa, irin na Kb_Tech. Clear Rules ba ya goge wannan. Zaɓi layin, je bokitin fenti, No Fill.

Bashir_POS:
Tunda ana maganar sotin bari in faɗi tawa, don na sha wuya a kanta kuma dokar kalar ba ta da laifi ko kaɗan. Ni kolum na fita ba da hannu nake cikawa ba, SUMIF ne yake tattaro shi daga shafin Sayarwa. Lokacin rubuta fomular in ka leƙa wani shafi ka dawo ka danna gida, Excel yana maƙala sunan shafin da kake ciki, sai ta zama haka

```
=SUMIF(Sayarwa!A:A,Kaya!A7,Sayarwa!C:C)
```

alhali a cikin shafin Kaya ɗin take. Ina yin sotin sai fomular ta tafi sabon layi amma tana riƙe da `Kaya!A7`, wato kayan da suka koma layi na 30 suna lissafa cinikin abin da ke layi na 7 yanzu. Adadin da ya saura ya zama ƙarya, jan kuma ya bi ƙaryar. Na yi ta goge doka ina sakewa a banza. Da na cire `Kaya!` ɗin ya zama `A7` kawai na ja ta ƙasa, sai ya daina. Malam Sani ka duba man gyaɗan ko irin wannan ne.

Sani_Singa:
A'a nawa `=C112-D112` ne kawai, kuma 60 ɗin daidai ne na ƙirga jarkokin da kaina.

Malam_Habu_Akawu:
Abin da Bashir ya kawo gaskiya ne kuma ya fi hatsari, don shi adadin kansa yake ɓatawa. Amma naka Malam Sani danna gidan F na man gyaɗa ka gaya min ainihin abin da ke ciki, harafi da harafi. Kuma a dama yake zaune ko a hagu?

Sani_Singa:
Na rubuta 5 jarka. A hagu yake, sauran kuma a dama.

Malam_Habu_Akawu:
Shi ne. Da ka haɗa da kalmar jarka ya tashi daga lamba ya zama rubutu, kuma a wurin Excel in aka gwada lamba da rubutu, rubutu ne babba ko da yaushe. Ko jarka dubu gare ka zai ce ba su kai "5 jarka" ba. Bar 5 kaɗai, in kana son a san jarka ce ka buɗe mata kolum nata. Wani lokacin ma babu kalma, lamba ce zalla amma an kwafo ta daga WhatsApp ko wani wuri ta shigo a matsayin rubutu, za ka gan ta a hagu, sau da yawa da ɗan kore a kusurwar gidan. In kana shakka rubuta `=ISNUMBER(F112)` a wani gida, in ya ce FALSE to rubutu ne. In kuma a kolum E rubutun ya shiga, abin juyewa yake, layin ba zai taɓa yin ja ba, wanda ya fi muni tunda babu abin da zai ja hankalinka.

Aisha_Kumasi:
Ni Google Sheets nake amfani da shi don ni da mijina mu riƙa gani a waya. Wannan fomular za ta yi a can?

Nura_Kwamfuta:
Za ta yi. Format, Conditional formatting, a Apply to range ki sa `A2:F1000`, sai ki zaɓi Custom formula is ki liƙa ta. Sharaɗin lambar layin farko ɗaya ne da na Excel. Sai dai in iyakar taki tana wani shafi daban, Sheets ba ya karɓar sunan wani shafi kai tsaye a cikin dokar sai da INDIRECT, gara ki kawo ta shafi ɗaya da kayan.

Injiniya_Mu'azu:
Ban yarda da zuwa har 1000 ɗin nan ba Malam Habu, da girmamawa. Ya danna cikin kayan ya yi Ctrl+T ya mayar da shi Table, sai ya ɗora dokar a kan layukan Table ɗin. Duk sabon kayan da ya rubuta a ƙasa Table zai faɗaɗa da kansa, doka ta bi, fomular E ma ta cika kanta. Kuma akwai abin da ba a faɗa ba: kolum F sabo ne. In da ma akwai Filter a kan A zuwa E kafin a ƙara F, ko wani ya bar kolum fanko a tsakani, sotin zai iya jujjuya A zuwa E ya bar F a tsaye, iyakar ashana ta koma gaban shinkafa. Nan kam ba kala ce ta goce ba, bayanan ne suka cakuɗe, kuma in an yi Save an rufe Undo ba zai dawo da su ba. A Table layin gaba ɗaya yake tafiya.

Malam_Habu_Akawu:
Batun F ɗin ka yi gaskiya Injiniya, kuma gara da ka faɗa. Malam Sani in kana da 'yan kibiyoyin Filter a sama ka tabbata akwai a kan F, in babu ka kashe Filter ka sake kunnawa. In kuma Excel ya taɓa tambayarka Expand the selection ko Continue with the current selection, na farkon za ka zaɓa. Amma Table ba ya hana doka tsagewa, in yaro ya kwafo layi daga wani fayil ya liƙa, dokar can za ta shigo ko da Table ne. Kuma ni shafukan da nake ba yara ina kulle su da Protect Sheet, Table kuwa ba ya faɗaɗa a shafin da aka kulle. Shi ya sa na saba da nawa tsarin.

Injiniya_Mu'azu:
To ai in ka kulle gidajen sotin ɗin ma ba zai yi ba, shi kuma sotin yake so. Ni dai Table.

UmmuKhalil:
Ko wanne ya ɗauka, yaron nan dai a koya masa liƙa adadi zalla. In ya kwafa ya danna dama ya zaɓi alamar da ke da 123, wato Values, ba ya ɗauko doka ba ya ɗauko kala. Ni a kantinmu sabon kaya a ƙasa ake rubutawa sannan a yi sotin, na hana kowa Cut da Insert a tsakiya, kuma duk ƙarshen wata ina leƙa Manage Rules, in na ga ta wuce ɗaya in goge in sake, minti biyu ne.

dan_bichi22:
Ku dai ku sayi manhajar sito ku huta da wannan wahalar.

Sani_Singa:
Man gyaɗa ya koma fari, sabulu ma na cire masa. Kibiyar Filter tana kan F, na duba, kuma na bi iyakokin ɗaya bayan ɗaya ba su cakuɗe ba. Jerin Alhaji ya fito kaya 19, ciki har da tumatir da wani omo da ke layi na 96 a da. Allah ya saka wa kowa da alheri. Table ɗin zan gwada a kan kwafi ranar Lahadi in ga wanda ya fi min. Tambaya ɗaya ta ƙarshe, in ina son kayan da suka ƙare ƙaf su yi wata kala daban da waɗanda suka kusa ƙarewa fa, doka ta biyu ba za ta sake rikita min shi ba?

Malam_Habu_Akawu:
Ba za ta rikita ba in Applies to ɗinsu iri ɗaya ne. Saka `=AND($B2<>"",$E2<=0)` da kalar da kake so, ka ɗaga ta sama da ta farko da kibiyar da ke cikin Manage Rules, don sifili ya cika sharaɗin duka biyun kuma ta sama ce ke cin kalar.

Bashir_POS:
Malam Habu in ka samu lokaci akwai wani shafin nawa na kayan da kwanan watansu ya kusa ƙarewa, shi ma kalar tana tsallake wasu, ina zargin kwanakin ne wasu suka shiga a rubutu. Zan turo hoton da daddare in an kawo wuta.